Yadda ake zaɓar aiki idan NPV da IRR suka saɓa wa juna

Wani dattijo mai sana'ar shinkafa a yankin Kura ya taɓa kawo mini takardu biyu da ɗansa ya buga masa a kwamfuta. Rumfa ɗaya gare shi, ta haya, yarjejeniyar shekara uku, kuma injin gyaran shinkafa ɗaya za ta ɗauka: ko ƙarami ko babba. Takardar farko, mai lissafin IRR, ta ce ƙaramin ya fi, ta biyu, mai lissafin NPV, ta ce babban ya fi. Ya ajiye su a gabana ya ce, "Malam akanta, wanne ne ya yi ƙarya a cikinsu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya yi ƙarya. Tambaya biyu aka yi, kowanne ya amsa tasa."

IRR yana gaya maka kashi nawa cikin ɗari kowace naira da ka zuba take haifarwa a shekara. NPV kuma yana gaya maka naira nawa dukiyarka za ta ƙaru, da darajar kuɗin yau, bayan ka fitar da uwar kuɗi da tsadar jarin. Idan aiki ɗaya ne a gabanka, kana son sanin ko a yi ko a bari, yawanci bakinsu ɗaya. Rigimar tana tashi ne idan ayyuka biyu ne kuma ɗaya kaɗai za a iya yi. Ga yadda nake warware ta, da alƙaluman wannan dattijo, waɗanda na daidaita su don sauƙin bi.

Mataki na 1: Tabbatar da gaske ɗaya kaɗai za a iya yi

Kafin ka taɓa kwamfuta, tambayi mai aikin me ya hana a yi duka biyun. Idan babu abin da ya hana, to babu rigima: duk aikin da NPV ɗinsa ya haura sifiri a yi shi. Ka kuma tambaya ko ƙaramin aikin yana maimaituwa. Da a ce dattijon yana da rumfa uku a garuruwa uku, kowacce da manoman da za su kawo mata shanshera, da kuɗin babban inji guda ya sayi ƙanana uku, kuma da lissafin ya canza gaba ɗaya. Amma rumfarsa ɗaya ce, layin wutarsa ɗaya, don haka zaɓin na gaske ne.

Mataki na 2: Jera kuɗin da zai fita da wanda zai shigo, shekara-shekara

Kuɗin hannu ake rubutawa, ba ribar da ke cikin littafin akanta ba. Wato abin da ya rage bayan an biya gas, lebura, gyara, haya da haraji. Ƙaramin inji zai ci naira miliyan 10 har da kafawa, ya riƙa kawo miliyan 6 duk shekara har shekara uku. Babban zai ci miliyan 30, ya riƙa kawo miliyan 16. Mun ɗauka cewa a ƙarshen yarjejeniyar babu wani kuɗin kirki da za a samu daga sayar da injin. Idan naka zai sayu, ƙara kuɗin a kan shekarar ƙarshe. Kada ka manta da kuɗin jujjuyawa, irin na sayen kayan gyara da buhunan zuba kaya: yana fita a farko, yana dawowa a ƙarshe.

A Excel ko Google Sheets ka jera su haka, da miliyoyi, kuɗin da ya fita da alamar ragi:

```
     A         B         C
1  Shekara  Ƙarami    Babba
2    0       -10       -30
3    1         6        16
4    2         6        16
5    3         6        16
```

Mataki na 3: Tsayar da tsadar jarinka

Wannan lamba ita ce za ta yanke hukunci a ƙarshe, don haka kada a tsince ta a hanya. Ma'anarta: mafi ƙarancin ribar da dole aiki ya kawo kafin ya cancanci kuɗinka. Idan kuɗinka ne na kanka, ka duba abin da za su kawo maka a wata harkar mai haɗari irin wannan, wadda da gaske kana iya shiga. Dattijon ya ce idan ya bar kuɗinsa a saye da sayar da hatsi, a ƙiyasinsa yana samun kamar kashi 20 cikin ɗari a shekara. Muka ɗauki 20.

Mutane da yawa suna jin an ambaci kashi cikin ɗari sai su ja baya, suna zaton maganar kuɗin ruwa ce. Ba lallai ba. Wanda bai taɓa karɓar bashin banki ba ma yana da tsadar jari, domin duk nairar da ya kulle a inji ta rasa ribar da za ta kawo a kasuwa. Wanda kuma ya sayi inji ta hanyar murabaha daga bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, ribar da bankin ya ɗora ita ce tsadar wannan jarin.

Abu ɗaya da za ka kula da shi: idan ka saka hauhawar farashi a cikin kuɗin shigar shekaru masu zuwa, to tsadar jarin ma ta zama mai ɗauke da hauhawar. Idan kuwa da farashin yau ka lissafa komai, ka cire hauhawar daga tsadar jarin. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, cakuɗa waɗannan biyun kaɗai ya isa ya kashe aiki mai kyau a takarda, ko ya raya matacce.

Mataki na 4: Fitar da lambobin biyu, ka ga saɓanin da idonka

```
=NPV(20%,B3:B5)+B2
=IRR(B2:B5)
```

Ka lura kuɗin shekarar sifiri yana wajen baka a lissafin NPV. Excel yana ɗaukar lambar farko da ka ba shi a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, ya rage mata daraja. Idan ka rubuta `B2:B5` a ciki, za ka samu 2.20 maimakon 2.64. Na sha ganin wannan kuskure a takardun neman rance, kuma mai duba takarda da ya san aikinsa yana gane shi nan take.

Da hannu ma ana yi. A kan kashi 20, nairar da za ta zo baɗi darajarta a yau 0.833, ta shekara biyu 0.694, ta shekara uku 0.579. Jimla 2.106. Ƙaramin inji: 6 sau 2.106 ya ba da miliyan 12.64, a cire 10, saura miliyan 2.64. Babban: 16 sau 2.106 ya ba da 33.70, a cire 30, saura miliyan 3.70. IRR na ƙaramin kashi 36.3, na babban kashi 27.8.

Ga saɓanin nan a fili. Ƙaramin ya fi a kaso, babban ya fi a naira. Dalilin ba boyayye ba ne: IRR makaho ne ga girman jari. Wanda ya juya dubu goma ya ci dubu biyar ya samu kashi 50, wanda ya juya miliyan ɗaya ya ci dubu ɗari biyu ya samu kashi 20 kacal, amma kowa ya san wanda zai koma gida da cefane mai nauyi.

Mataki na 5: Ware ƙarin jarin, ka auna shi shi kaɗai

Nan ne zuciyar aikin. Daina kallon injin biyu a matsayin kishiyoyi. Ka ɗauka babban inji ƙaramin ne da aka ɗora wa wani ƙari. Miliyan 10 na farko ko ta yaya za a kashe su, kuma mun riga mun ga suna da riba. Tambayar da ta rage ita ce: ƙarin miliyan 20 ɗin, me suke sayowa?

Buɗe sabon layi, ka cire ƙaramin daga babban, shekara-shekara. Kullum mai jari kaɗan ake cirewa daga mai jari da yawa, don lambar farko ta fito da alamar ragi.

```
D2: =C2-B2    (ja shi har D5)
=IRR(D2:D5)
=NPV(20%,D3:D5)+D2
```

Layin zai nuna an fitar da 20, ana karɓar 10 duk shekara har sau uku. IRR na wannan ƙarin kashi 23.4 ne, NPV ɗinsa kuma miliyan 1.06, daidai tazarar da ke tsakanin 3.70 da 2.64.

Yanzu kwatancen ya zama mai sauƙi. Idan dattijon ya zuba ƙarin miliyan 20 a babban inji, za su kawo masa kashi 23.4. Idan ya bar su a hatsi, kashi 20. Babban inji ya ci. Ka ga ashe IRR bai saɓa wa NPV ba, an dai tambaye shi a kan abin da ba shi ne ake gardama a kai ba. Da aka auna shi a kan ƙarin jarin sai bakinsu ya zo ɗaya.

Da na nuna masa haka, sai ɗansa, wanda shi ya buga takardun, ya ce, "To Baba ai kashi 36 ya fi kashi 27 ko ta ina." Dattijon ya juya ya ce masa, "Kashi 36 na miliyan goma kake magana. Sauran ashirin ɗin fa, a ina za su kwana?" Ban taɓa jin an faɗi matsalar a taƙaice kamar haka ba. Duk mai kare ƙaramin aiki da hujjar IRR, ka tambaye shi inda ragowar kuɗin za ta tafi da ribar da za ta kawo a can. Idan yana da wurin da ya fi kashi 23.4, mai haɗari daidai da wannan, yana da gaskiya. Amma a lokacin tsadar jarinsa ba 20 ba ce tun farko, sai a koma mataki na 3 a gyara.

Mataki na 6: Duba nisanka da mararraba

Wannan kashi 23.4 yana da wani aiki. Shi ne daidai wurin da NPV na ayyukan biyu yake zama ɗaya. Ni mararraba nake ce masa. A littattafan kuɗi ana jingina shi ga masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Irving Fisher. Idan tsadar jari tana ƙasa da mararraba, babban aiki ne ke gaba a NPV, kuma nan ne kaɗai ake samun saɓani da IRR. Idan ta haura mararraba, ƙaramin ne ke gaba a duka ma'aunan biyu.

Gwada ka gani. A kan kashi 10, ƙaramin yana ba da miliyan 4.92, babban 9.79, tazara mai faɗi. A kan kashi 25, ƙaramin 1.71, babban 1.23: an juya. Tsakanin 20 da muka ɗauka da 23.4 kuwa, tazarar ba ta kai maki huɗu ba, kuma 20 ɗin nan ƙiyasi ne na baka. Wannan ya sa ban tsaya a "babban ya ci" ba.

Abu na farko da na tambaya shi ne daga ina ƙarin miliyan 20 za su fito. Idan suna hannu, lissafinmu ya tsaya. Idan kuwa rance za a ci, to tsadar wannan rancen ce za a gwada da 23.4, ba ribar hatsi ba. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, kuma bankunan kasuwanci sama da haka suke ba ƙananan 'yan kasuwa. A kan kashi 30, ƙarin jarin nan asarar miliyan 1.84 yake jawowa. Mutum zai yi ta aiki da babban inji, ana ganin motoci suna shiga suna fita, alhali banki yake yi wa dako.

A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Idan aka ce maka ribar kashi 15 ce a shekara, ka tambaya a kan uwar kuɗin farko ake lissafa ta duk shekara, ko a kan abin da ya rage. Idan a kan ta farko ce, miliyan 20 za su zama 29 a shekara uku, kana biyan kusan 9.67 duk shekara. Rubuta `=RATE(3,-9.67,20)` ka gani: tsadar gaskiya ta haura kashi 21. Ga mai mararraba a 23.4, wannan tazara ba ta da kauri ko kaɗan.

Abu na biyu shi ne kuɗin shigar kansa. Nawa ne zai ragu kafin hukuncin ya juya? Raba 20 da 2.106, ka samu kusan 9.5. Wato muddin babban inji bai fi ƙaramin da kusan miliyan 9.5 a shekara ba, fifikonsa ya tafi. Mun ƙiyasta 10. Saboda haka idan abin da babban ke kawowa ya sauko daga miliyan 16 zuwa ƙasa da 15.5, raguwar da ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari da ɗan kai ba, ƙaramin ya wuce gaba. Duk wanda ya san harkar shinkafa ya san babban inji ba ya cin riba sai yana samun shanshera isasshiya. Ƙarami yana cika cikinsa ko da rani, babba kuwa 'yan makonni na ƙarancin kaya ko tsadar gas sun isa su cinye wannan rabin miliyan. Abin da na gaya wa dattijon shi ne: da kuɗinka, kuma da tabbacin masu kawo kaya a rubuce ko dillalan da ka daɗe da su, ɗauki babba. Da bashi, ko da fatan kaya za su samu, tsaya a ƙarami.

Idan jarin ɗaya ne amma lokacin shigowar kuɗi ya bambanta

Akwai saɓani iri na biyu wanda girman jari ba shi da hannu a ciki. Ka ce miliyan 10 ne a hannunka. Ko ka sayi keke-napep ka bayar haya, su kawo 8 a shekarar farko, 5 a ta biyu, 2 a ta uku yayin da suke tsufa. Ko ka sayi fili a bayan gari, ka yanka fuloti, ba ka ganin ko sisi sai a shekara ta uku ka karɓi 21. IRR na keke kashi 30.2, na fili 28.1. NPV a kan kashi 20 kuwa, keke miliyan 1.30, fili 2.15.

Hanyar ba ta canza ba. Cire ɗaya daga ɗaya ta yadda lambar farko da ba sifiri ba za ta zama ragi: fili a cire keke ya ba da ragin 8, ragin 5, sannan ƙarin 19. IRR na wannan layin kashi 26 ne, ita ce mararraba.

Amma akwai hanyar da ta fi shiga kai, wadda nake amfani da ita idan ina bayani ga wanda ba ya son ganin kwamfuta. Bi kuɗin keken har ƙarshen shekara ta uku. Miliyan 8 da suka shigo da wuri ba a ƙarƙashin katifa za su zauna ba, juya su za a yi. Idan kana juya su a kan kashi 20, takwas ɗin za su zama 11.52, biyar ɗin su zama 6, ga 2 na ƙarshe: jimla 19.52, ƙasa da 21 na fili. Idan kuwa kana iya juya su a kan kashi 30, jimlar 22.02 ce, ta wuce fili. A kan 26 daidai suke yin kunnen doki. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, kuɗin da ya dawo da wuri, da gaske a kan nawa nake iya sake juya shi? Wanda ya bi jerin IRR ido rufe tamkar ya amsa cewa kullum akwai wata harkar mai kashi 30 tana jiransa a bakin ƙofa. Wani lokacin akwai. Sau da yawa babu.

Fili da keke haɗarinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai iyali da ke buƙatar kuɗin shiga duk wata ba zai iya jiran shekara uku ba ko NPV ya ce me. Wannan hujja ce ta gaskiya. Abin da lissafin ya ƙara maka shi ne sanin farashinta: zaɓen keke yana nufin ka sayi saurin dawowar kuɗi da kusan naira dubu 850 na darajar yau.

Wurare biyu da NPV ma sai an gyara masa zama

Na farko, idan tsawon rayuwar ayyukan ya bambanta kuma za a sabunta kowanne idan ya ƙare. A ce babban injin shekara biyar zai ɗauka kafin ya tara wannan 3.70, ƙaramin kuma uku. Ba adalci ba ne a gwada su kai tsaye. Mayar da kowanne zuwa rabon shekara:

```
=PMT(20%,3,-2.64)
=PMT(20%,5,-3.70)
```

Na farko ya ba da kusan miliyan 1.25 a shekara, na biyu 1.24. Fifikon babban ya ɓace.

Na biyu, idan kuɗin kamfani a ƙayyade suke, ga kuma ayyuka da yawa da ba sa hana juna. A nan ba aikin da ya fi NPV shi kaɗai ake nema ba, ana neman tarin ayyukan da jimlar NPV ɗinsu ta fi yawa a cikin kuɗin da ake da su. Miliyan 30 a babban inji suna ba da 3.70. Miliyan 10 a ƙarami, da sauran 20 a wani aikin dabam mai NPV na miliyan 2, suna ba da 4.64. Jera haɗe-haɗen da kuɗin za su iya ɗauka, ka tara, ka ɗauki mafi yawa.

Sai gargaɗi game da layin bambancin da ka fitar a mataki na 5. Ka ƙirga sau nawa alamarsa ta juya daga ragi zuwa ƙari ko akasin haka. Idan sau ɗaya ne, kamar a misalan nan biyu, IRR ɗinsa abin dogaro ne. Idan ta juya fiye da sau ɗaya, misali saboda babban inji yana buƙatar gagarumin gyara a tsakiyar rayuwarsa, layin yana iya samun IRR biyu ko ya rasa gaba ɗaya, kuma Excel zai nuna maka ɗaya kawai, ko ya rubuta `#NUM!`. Idan ka ga haka, ajiye IRR. Lissafa NPV na layin bambancin a kan kashi 10, 15, 20, 25, 30 da 35, ka jera su a layi, ka duba tsakanin waɗanne lambobi ne yake sauya alama, sannan ka ga a wane ɓangare tsadar jarinka ta faɗa.